A Miƙe Hoton Tukuna, ko a Canza Lambar a Karkace?

Tun daga Disamban 2020, da hukumar sadarwa ta ƙasa ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, har zuwa toshe layukan da aka yi a 2024, 'yan kasuwa da yawa a Kaduna sun wayi gari da sabon layi a aljihu, tsohuwar lamba kuma tana nan rataye a saman ƙofar shago. Wasu wayar aka sace. Wasu sun ajiye layin ne har kamfani ya karɓe abinsa ya sayar wa wani, sai mai neman tela a Badarawa ya kira lambar da ke jikin bana, ya ji wata baiwar Allah ta ɗauka da harshen da bai sani ba. Ga kuma rusau da sake ginin kasuwanni na zamanin gwamnatin Nasir El-Rufai, tsakanin 2015 da 2023, wanda ya tashi mutane daga Kasuwar Barci da ta Kawo, ya raba su da allunansu.

Duk waɗannan hanya ɗaya suke bi. Mutum ya shigo shagon dizain a wajen Ahmadu Bello Way ko Tudun Wada, ya miƙo waya ya ce, "Malam, ga banata. Lamba kawai za ka canza mini, kada ka taɓa komai." A tambaye shi fayil ɗin aikin, ya ce yaron da ya yi masa ya koma Abuja, ko kwamfutarsu ta lalace. Abin da ya rage a duniya na wannan aikin shi ne hoto guda da aka ɗauka daga bakin kwata.

Hanya biyu ke gaban mai dizain. Zai iya goge tsohuwar lambar a cikin hoton kamar yadda yake, ya rubuta sabuwa, ya tanƙwara ta har ta bi karkatar sauran rubutun. Ko kuma ya fara miƙe hoton duka, ya mayar da banar mai kusurwa huɗu daidai kamar an shimfiɗa ta a tebur, sannan ya taɓa lamba. Ta farko ta fi sauri da minti kaɗan, kuma mai kaya yana tsaye a kanka yana gani ana yin abin da ya ce. Ni dai ta biyun nake goyon baya a mafi yawan lokuta, amma ta farkon ma tana da ranarta, kuma zan zo kanta.

Mu ɗauki aiki guda mu bi shi. Bana ce ta tela, ƙafa takwas a kwance, ƙafa huɗu a tsaye, shuɗin fili da farin rubutu, lambar waya a layin ƙasa. An rataye ta a ƙarƙashin kwano, wanda ya ɗauki hoton kuma ya tsaya ta hagu saboda keke-nafef ya tare gaban shagon. An turo hoton ta WhatsApp, wanda a yadda ya saba yakan matse hoto ya koma kimanin ɗigo 1600 a dogon gefensa. A ciki, banar ta ci faɗin ɗigo 1200. Gefenta na hagu, na kusa da mai ɗauka, tsayinsa ɗigo 750 ne, na dama kuwa 550.

Kowa na ganin cewa gefen dama ya gajarta. Abin da ido ba ya saurin kamawa shi ne yadda faɗi ke tsukewa, kuma nan ne hanyar farko take tuntuɓe. Ka ja layi daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, ka ja wani daga ɗaya ɓangaren. Inda suka gicce shi ne ainihin tsakiyar banar. A wannan hoton ba zai faɗo a ɗigo na 600 ba, zai faɗo wajen na 692, domin rabon yana bin tsayin gefunan ne: 750 cikin 1300, wato kusan kashi 58 cikin ɗari. Rabin banar na kusa ya ci 692, rabin nesa ya tsira da 508 kacal. Idan aka bi lissafin har bakin gefe, abu ya fi haka tsanani. Harafin da ke can ƙarshen dama tsayinsa ya koma kashi 73 na ɗan'uwansa da ke ƙarshen hagu, amma faɗinsa kashi 54 ne, saboda raguwar faɗi ninki take yi a kan kanta. Wato alƙaluman lambar ba ƙanƙancewa kawai suke yi ba yayin da suke tafiya dama, ramewa suke yi, tazarar da ke tsakaninsu ma tana tsukewa, kowace da nata gwargwadon.

Mai gaggawa yakan rubuta alƙaluma goma sha ɗaya, ya kama `Skew` ya ja. Wannan umarnin yana kwantar da rubutu ne kawai, ba ya rage girman na nesa, don haka sabuwar lambar za ta bi gangaren layin amma kowane alƙalami girmansa ɗaya. A ƙaramin gilashin waya za ta wuce. A buɗe ta a kwamfuta sai a ga ƙarshenta ya yi ƙiba fiye da rubutun da ke samansa, kamar an liƙa. Wanda ya san aiki zai yi amfani da `Distort` a Photoshop, bayan ya mayar da rubutun zane, ko `Add Perspective` a CorelDRAW, waɗanda ke tsuke faɗi yadda ya kamata. Sai dai su ma sai an nuna musu kusurwa huɗu na akwatin da lambar za ta zauna, kuma wannan akwatin ba a zane yake a jikin banar ba. Da ido ake kintatarsa. Kuskuren ɗigo uku ko huɗu a nan, idan aka buga aikin a ƙafa takwas, ya kai sulusin inci, kuma layin da ya kauce wa maƙwabcinsa da sulusin inci ko yaro zai gane.

Kusurwoyin banar kuwa ba kintace ba ne, suna nan a fili, da zoben ƙarfe a jikin kowace. Hanya ta biyu da su take aiki. A Photoshop akwai `Perspective Crop Tool`, wanda ya shigo tun fitowar CS6 a 2012: ka danna kusurwa huɗu, ya yanke ya miƙe. A GIMP, wanda kyauta ne, kayan aikin `Perspective` ne, sai a zaɓi `Corrective (Backward)` a ɗora kusurwoyin ragar a kan na banar. Dalilin da ya sa huɗu suka isa shi ne, duk karkatar da kyamara ke yi wa abu shimfiɗaɗɗe lambobi takwas ne ke bayyana ta, kowace kusurwa kuma tana ba da biyu, na kwance da na tsaye. Da an ba kwamfuta waɗannan, sauran ɗigon duka ta san inda za ta mayar da su. A zuƙo hoton sosai wajen ɗora su. Idan kusurwa ɗaya ta naɗe ko igiya ta rufe ta, a ja layi a bi gefuna biyun da suka nufe ta, a ɗauki mahaɗarsu.

Akwai abu ɗaya da kusurwoyin ba sa faɗa, kuma shi ne ya fi kayar da waɗanda suka zaɓi hanya mai kyau. Ba sa faɗin tsawon banar a kan tsayinta. Siffar da ke cikin hoton nan za a iya miƙe ta ta koma ƙafa takwas da huɗu, ko shida da huɗu, ko goma da huɗu, duka kuma kusurwoyinsu za su fita daidai. In ka bar kwamfuta ta zaɓa, kintata za ta yi daga abin da take gani, kuma tunda kallon gefe yana cinye faɗi, yawanci gajeriyar bana za ta ba ka mai dogayen haruffa ramammu. Saboda haka kafin a danna komai sai a ce wa mai kaya, "Alhaji, a tura yaro da tef ya auno mana ita." Idan banar ta riga ta yage an yar, a auno firam ɗin ƙarfen ko ƙusoshin da suka rage a bango. Idan shagon ma an rushe, a duba hoton ko ana ganin bulo: bulon siminti da aka saba gini da shi inci 18 ne a kwance, 9 a tsaye, sai a ƙirga a ƙara ɗan kaurin siminti. Bayan an miƙe, a nemi wani abu da aka san da'ira ne, kamar koren tambarin WhatsApp da ake sawa kusa da lamba. In ya fito kamar ƙwai, awon bai yi ba, a koma.

A aikinmu mun san takwas da huɗu ne, wato inci 96 da 48. Sai a rubuta ɗigo 2400 da 1200 a gurbin faɗi da tsayi, kowane inci ya zama ɗigo 25 cif. Daga wannan lokacin hoton ya zama abin awo. Idan tsohuwar lambar ta fara daga ɗigo na 300 ta ƙare a na 2100, tsawonta inci 72 ne. Idan tsayin alƙalumanta ɗigo 150 ne, inci shida ke nan. A karkataccen hoto babu inda za ka samo waɗannan, domin kowane wuri da nasa sikelin.

Shi ma gane salon harafi sai a miƙe yake yiwuwa. Masu yin bana a garin nan ba su cika wuce Arial Black da Impact da 'yan'uwansu ba, amma rarrabe su yana bukatar a ga kaurin sanda da faɗin ciki yadda suke, abin da karkata take ɓatawa. Alƙaluman da ke tona asirin salo su ne 1 da 4 da 7 da 9: ko ɗaya yana da ƙafa, ko wutsiyar tara a miƙe take ko a lanƙwashe. Hanyar gwaji mai sauƙi ce. Ka fara rubuta tsohuwar lambar da salon da kake zato, ka ɗora a kan ta hoton, ka rage duhunta rabi. In ta hau daram daga sifilin farko har alƙalamin ƙarshe, ka dace, sai ka sauya alƙaluman zuwa sababbi. Wani salon duk alƙalumansa faɗinsu ɗaya, kamar Arial, don haka sabuwar lamba za ta cike gurbin tsohuwa babu ragi. Wani kuwa ɗayansa siriri ne, lambar da ta tara ɗaya da yawa za ta fito gajera, sai an sake daidaita ta a tsakiya.

Goge tsohuwar ma ya fi sauƙi a nan. Filin da ido ke gani shuɗi guda, a hoto ba guda ba ne: sama akwai inuwar kwano, ƙasa rana ta dafa shi, ƙurar hunturu ta kwanta a kai. Wanda ya ɗebi launi daga wuri ɗaya ya zana akwati zai bar faci da ake hangowa daga nesa. Da `Clone Stamp` ake kwaso fili daga gefe a kan layi ɗaya, kuma a miƙaƙƙen hoto inuwar tana tafiya a kwance sak, sai kwafin ya bi ta. A karkataccen kuwa inuwar gangarawa take yi tana tsukewa, abin da ka kwaso daga hagu ba zai zauna a dama ba. Gaskiya ne Photoshop yana da `Vanishing Point` da ke kwafe abu yana bin karkata, amma shi ma abu na farko da zai nema shi ne ka nuna masa kusurwa huɗu. Ka ga an dawo gidan jiya.

Mafi muni shi ne haɗa hanyoyin a baibai, a canza lamba a karkace, daga baya mai kaya ya ce ai bugawa za a yi, sai a miƙe. Sabon rubutun an tanƙwara shi sau ɗaya an warware shi sau ɗaya, kowane juyi yana cin kaifin bakinsa, ƙaramin kuskuren da aka yi a gefen nesa kuma miƙewar za ta buɗe shi kusan ninki biyu. Sauri ya haifi nawa.

To ina ranar hanyar farko? Ranar da hoton kansa ne abin da ake so. Mai sayar da turare a Unguwar Rimi tana son ta sa hoton gaban shagonta a shafinta, da ƙofar da kwalaben da banar a sama, lambar kawai ba ta son a gani tsohuwa. In ka miƙe banar ka yanke, ka zubar da shagon. In ka miƙe hoton duka ba ka yanke ba, bangon gefe da mutumin da ke wucewa za su miƙe su zama dodanni, domin gyaran na shimfiɗa ɗaya ne tak, duk abin da ba a kanta yake ba lalacewa zai yi. Nan dole lambar ta zauna a karkace. Idan kuma karkatar kaɗan ce, gefe ɗaya 750 ɗaya 730, ba sai an wahalar da kai ba, a gyara a wuce. Amma idan mai yawa ce, ƙwararru ko a nan sukan zaga ta hanya ta biyu: su kwafi banar, su miƙe ta a wani fayil, su gyara lambar, sannan su mayar da ita kan kusurwoyinta huɗu na asali, su share komai sai layin lambar. A ƙarshe a ɗan dusashe sabon rubutun, domin baki mai kaifi a tsakiyar hoto mai hazo shi ke fara tona kansa.

Kada dai a ɗauka miƙewa magani ce ta kowace cuta. Fileks ɗin da ya saki ciki a tsakiya, ko iska ta kumbura shi, ba shimfiɗaɗɗe ba ne, kusurwoyinsa za su daidaita amma layukan tsakiya su ci gaba da lanƙwasa. Hoton da aka ɗauka da faffaɗan idon kyamara, wanda waya ke rubuta wa `0.5x`, yakan ja gefuna ya sa su baka. Alamar duka biyun ɗaya ce: ka sauko da miƙaƙƙen layi ka jingina da gindin rubutu, ka ga tsakiya ta rabu da shi alhali ƙarshe da ƙarshe sun taɓa. Idan banar tana nan a rataye, sake ɗauka ya fi kowace dabara araha. A ja baya zuwa tsallaken titi, a tsaya saitin tsakiyarta, a zuƙo da `2x`, a riƙe wayar a tsaye ba a ɗaga bakinta sama ba, da safe ko la'asar lokacin da fileks ba ya ƙyalli. Sannan a turo ta `Document`, wanda ba ya matse hoto.

Sai babbar iyaka, wadda ya kamata a gaya wa mai kaya tun kafin a yi ciniki. Miƙewa ba ta ƙara abin da kyamara ba ta kama ba. Ɗigo 1200 a kan inci 96 ɗigo goma sha biyu da rabi ne a kowane inci, rabin nesa ma bai kai goma sha ɗaya ba. Mayar da shi 2400 shimfiɗa shi kawai aka yi. Ko da asalin hoton aka samu daga waya mai ɗigo 4000 a faɗi, kimanin 31 za a samu a inci, alhali banar da mutum zai tsaya a ƙofar shago ya kalla tana son wajen 72 zuwa 100. Manyan haruffa za su karantu daga tsallaken titi, amma bakinsu zai yi gashi-gashi, gefen dama ya fi na hagu dushewa, kuma injin zai buga har inuwar kwanon da tabon ƙurar, ya mayar da su ado na dindindin.

Shi ya sa idan sabuwar bana za a buga, miƙaƙƙen hoton matsayin fatun ɗin tela yake da shi: a kansa ake yanka, ba shi ake sawa ba. A buɗe shafi mai inci 96 da 48 a CorelDRAW, a shigo da hoton a kulle shi a ƙasa, a sake rubuta kowane layi a kansa, a zana filin da tambarin, a tambayi mai kaya wane shuɗi ne tun asali tunda na hoton ya koɗe. Kafin a kai wa mai inji a mayar da rubutun zane da `Ctrl+Q` don kada salon ya sauya a kwamfutarsa. Banar da rubutu ne zalla da fili ɗaya ba ta ɗaukar lokaci mai tsawo a haka. Hotunan kaya ko fuskar mutum ne ba sa sake zanuwa, waɗannan sai a nemo na asali ko a ɗauki sababbi. Mai kaya zai ce, "Haba Malam, lamba fa kawai na ce." Sai a buga masa tafin hannu ɗaya na hoton a ainihin girmansa a kan takarda, a ajiye kusa da wanda aka sake zanawa, ya zaɓa da idonsa.

Idan kuma banar tana da sauran ƙarfi, akwai mafita mafi araha, ita ma daga miƙewar ta fito. Tunda mun san lambar inci 72 ce da 6, sai a buga sitika mai inci 76 da 8 a liƙa a kai, bayan an goge wurin da ɗanyen tsumma ya bushe. Ban ba da shawarar a yi ƙoƙarin kwaikwayon shuɗin da ya sha rana ba, ba za a taɓa dacewa ba. Gara a ba sitikar launi dabam, ruwan ɗorawa da baƙin rubutu, ta zama kamar da gangan aka yi ta. A auna gurbin da tef a jikin banar sau ɗaya kafin a buga, don a tabbatar lissafin kwamfuta da na bango sun yarda da juna.

Kowace hanya aka bi, lambar a raba ta huɗu, uku, huɗu yadda mutane ke karanta ta, kuma kada a kwafe ta daga bakin mai kaya. Ya turo ta a rubuce, a karanto ta daga kan allon kwamfuta a buga a wata waya, a ji tasa ta yi ƙara a aljihunsa. Sannan a zuƙo miƙaƙƙen hoton a bi shi lungu-lungu, domin tsohuwar lamba takan ɓuya a ƙananan rubutu a can gefen nesa, inda karkata ta matse ta. A duba lambar asusu musamman. Masu amfani da OPay da PalmPay, lambar asusunsu ita ce lambar wayarsu an cire sifilin farko, don haka alƙaluma goma da ke ƙarƙashin "a biya nan" wataƙila tsohon layin ne a wata riga. Sauya layi ba lallai ya sauya asusun ba, don haka kada mai dizain ya canza ta da kansa. Ya nuna wa mai kaya, shi ya buɗe wayarsa ya faɗi wadda ke aiki.